Ranar da Madam Ta Ce Onko

Hali zanen dutse ne. Huguette Brannigan ta haura shekara arba'in a Warrina, garin manoman rake masu jin Turanci, tun ranar da mijinta Des ya ɗauko ta amarya daga Numeya, birnin masu jin Faransanci, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa bari kalmar Faransanci ta fito daga bakin ɗan gari ta wuce ta gabanta salin-alin ba. Sai ta tare ta, ta juya ta, ta leƙa cikinta, kamar jami'in kwastan da ya ga jaka mai kumburi. Shi ya sa ba mai kiranta da sunanta. Kowa Madam yake ce mata, har da mijinta idan ya yi laifi.

Turanci kuwa, kowa ya sani, harshe ne mai hannun aro. Ya ɗebo kalmomi daga Faransanci tun zamanin kakannin kakanni, ya sa a aljihu, bai mayar ba. Mutanen Warrina suna furta su safe da yamma ba tare da sun san na aro ne ba. Ita kuma Madam aƙidarta guda ce: kayan aro a riƙe shi yadda mai shi yake riƙe shi, in ba haka ba a mayar masa da abinsa.

Wata rana ta shiga shagon Col Petrakis mahauci sayen haƙarƙarin rago, ta tarar yana ba mutane labari yana shafa ƙeya.

"Madam, jiya na yi *faux pas*," in ji Col. "Na tambayi matar fasto yaushe za ta sauka, ashe ƙiba ce kawai baiwar Allah ta yi."

"Ka san abin da ka faɗa?" in ji Madam. "*Faux pas* taku ne da ya karkace, ƙafa ta sauka inda bai kamata ba. Mu ma mukan faɗe shi ga wanda ya yi katoɓara a cikin mutane, wannan na yarda. Amma kai naka ya wuce taku, Col. Kai kifewa ka yi da fuska. Auna min kilo ɗaya, kuma ka ɗauke yatsanka daga kan sikeli."

Col ya yi dariya ya auna, domin shi fatarsa mai kauri ce. Wanda bai yi dariya ba shi ne Lyle Zammit, dillalin gidaje, kuma shugaban ƙungiyar mawaƙan gari. Shekarun baya Lyle ya gina sabon gida, ya zo wurin shan shayi bayan coci yana ta fankama cewa gidan yana cikin *cul-de-sac* mai tsit, wato titin da ba ya ɓullewa, kuma ɗakin barcinsa yana da *en suite*, wato banɗaki a ciki. Madam ta ajiye kofinta a hankali.

"Lyle, ɗana, *en suite* a jere yake nufi. Ban san abin da kuke jerawa a banɗakinku ba, kuma ba na son in sani. Amma *cul* gindi ne, *sac* kuma buhu. Ka tara mu ne ka gaya mana ka kashe kuɗinka ka koma gindin buhu?"

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, har direbobin jirgin ɗaukar rake suna ce masa Lyle na Gindin Buhu. Mai raba wasiƙu ma da sunan yake gane gidan. Lyle ya haɗiye abin da murmushin dillalai, ya ci gaba da gaishe ta da ladabi. Amma wanda aka yi wa rauni shi ya san wurin tabo.

Duk cikin kalmomin nan ba wadda take tayar wa Madam da hawan jini kamar *encore*, wadda mutanen gari suke ja da hanci su ce onko. Duk lokacin da ƙungiyar mawaƙa ta gama wasa, jama'a suka hau tafi suna ihun "Onko! Onko!" domin a ƙara musu waƙa, sai ka ga Madam a layin baya na mawaƙan ta runtse ido kamar wadda haƙori ke ciwo. Da an sauko wurin shayi sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji muryarka, Col. *Encore* yana nufin har yanzu. Har yanzu me?"

"Ai kin taɓa cewa yana nufin a ƙara ma, Madam."

"A ƙara, in kana neman ƙarin dankali a tebur. A gidan abinci kake? A zauren waƙa *bis* ake cewa. Je Paris ka ji, je Numeya ka ji. *Bis*!"

Wannan "har yanzu me" ta zama abin tsoratar da mutane a garin. Iyaye mata sukan faɗe ta ga yaran da suka cika roƙo. A hankali ihun onko ya rinƙa raguwa a zaure, har ya zama sai 'yan bayan gari da baƙin da ba su san dawan garin ba ne suke yin sa, su ma na kusa da su ya zungure su.

To, ƙungiyar mawaƙan Warrina tana da al'adarta game da waƙar ƙari. Ana zaɓen ta tun farko, a yi ta gwajinta wata da watanni, amma ba a buga ta a takardar shiri, kuma ba a yin ta sai jama'a sun nema da bakinsu. In sun nema, shugaba ya juyo ya dafe ƙirji kamar abin ya zo masa ba zato, mawaƙa su kalli juna kamar ba su da komai a ajiye, sannan a ɓarke da waƙar da kowa ya haddace. Ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce, kuma kowa yana jin daɗinta. In jama'a ba su nema ba, waƙar ta mutu a ciki, a naɗe takardu a tafi shan shayi. Sannan akwai ƙa'ida ta biyu: duk wanda zai bar ƙungiya, shi ake ba waƙar ƙari ta wasansa na ƙarshe, ya rera shi kaɗai.

Wannan shekarar Madam ce za ta bar ƙungiya. Gwiwoyinta sun ƙi matakalar gidansu, kunnen Des kuma injin matse rake ya riga ya cinye rabinsa, 'yarsu ta ce su tattaro su dawo wurinta a Brisbane. An sayar da gida, akwatuna sun cika falo. Wasan ranar Lahadi shi ne na ƙarshe.

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Des, shi ne wannan: a duk shekarun da ta yi a ƙungiyar, ba a taɓa ba ta waƙa ita kaɗai ba. Kullum tana layin baya, tana tallafa wa muryoyin wasu. Waƙar rufe shiri kuwa gadon Noeleen Kruger ce, mai shagon gyaran gashi, mace mai ƙirji kamar gaban babbar mota da murya mai sa gilashin taga rawa. Madam takan ce ita waɗannan abubuwa ba su dame ta ba. Amma tun ranar da aka ce waƙar ƙari tata ce, ta zaɓi wata 'yar waƙar reno da mahaifiyarta take yi musu a Numeya in iska mai ƙarfi ta taso daga teku, ta shiga rera ta a ɗakin wanki da rana in injin wanki yana ƙara, don kada maƙwabta su ji. Ta fito da rigarta shuɗiya, ta ɗan buɗe ta a kugu. Ta daina shan abu mai sanyi. Tana son waƙar nan kamar yadda mai ƙishi ke son ruwa, kuma ta san in ta wuce ranar Lahadi ta wuce har abada, domin ba mai ba tsohuwa baƙuwa waƙa a Brisbane.

Ranar Alhamis aka yi gwajin ƙarshe. Aka bi shiri daga farko, Noeleen ta rufe da waƙarta ta wani jirgin ruwa da ya tafi bai dawo ba, mai baiti shida da dogon amshi. Sannan Madam ta fito ta yi tata. Muryar ta ɗan yi rawa a wuri ɗaya, amma ta kai. Lyle ya rufe takardunsa, ya cire tabarau yana gogewa.

"Madam, kafin mu tashi, ki ɗan ƙara mana ilimi mana, tunda kin kusa barinmu cikin duhu. Wannan *bis* ɗin da kike faɗa, ainihin ma'anarsa fa?"

Ruwa ba ya tsami banza, amma mai son a tambaye shi ba ya shinshina tambaya. Madam ta gyara tsayuwa.

"Sau biyu," in ji ta. "Daga Latin ya zo. Sau biyu, ba ƙari ba ragi."

"Sau biyu kawai?"

"Kurma ne kai? Kalma abin da ta ce shi take nufi, Lyle. Ku ne kuke lanƙwasa ta kamar waya."

"Kun dai ji," in ji Lyle, yana duban mawaƙa. "Kalma abin da ta ce shi take nufi. Allah ya saka da alheri, Madam."

Noeleen ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta, kafaɗunta suna motsi.

Washegari da safe suna karyawa a kan akwati, domin teburin ya riga ya tafi, Des ya shafa wa burodinsa man shanu ya dube ta. Dogo ne siriri, mai magana da ƙarfi irin ta waɗanda ba sa ji sosai.

"'Yar Numeya, wani abu yana damuna. Waƙar nan taki, sai an nema ake yi, ko?"

"Haka al'adar take."

"To wa zai nema? Kin bi garin nan kin toshe bakin kowa. Wasan bara tafi kawai aka yi, sai da wani mai yawon buɗe ido ya cece mu."

Abin da ya hana Madam barci ke nan. Amma girman kai rawanin tsiya ne, mai shi ba ya jin nauyinsa.

"In suna so su nema, su nema da kalmar da ta dace," in ji ta. "Ni ban hana kowa magana ba."

"Me kika ce?"

"Na ce su faɗi daidai!"

Des ya gyaɗa kai, ya shanye shayinsa, ya ɗauki hularsa mai faɗi ya fita. Bai dawo ba sai da rana ta karkata. Da ta tambaye shi inda ya shiga, ya ce ya je sallama da mutane ne. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ya bi shagon Col, ya bi kantin magani, ya shiga kulob ɗin tsofaffin sojoji da filin masu gara ƙwallo, ya tsaya a ƙofar masana'antar sukari lokacin canjin aiki, ko'ina maganarsa ɗaya: ranar Lahadi ranar matarsa ce, duk wanda ya kuskura ya ce onko zai gamu da shi. A ce *bis*, kuma a faɗa da ƙarfi. Har gwaji ya sa tsofaffin sojoji suka yi.

Ranar Lahadi da ƙarfe biyu na rana zauren gari ya cika. Lokacin yankan rake ne, ƙamshin madi daga masana'anta yana shigowa ta tagogi, fankokin sama suna juya iska mai zafi. A bayan zaure matan kwamiti sun jera kofuna da kek mai kwakwa da tukunyar shayi, sun rufe da raga saboda ƙuda. A jikin ƙofa an liƙa sanarwa mai cewa *matinée*. Madam ta gan ta da za ta shiga, ta kawar da kai. Kalmar daga safiya ta fito, ga shi kuma da rana tsaka ake wasan, amma wannan ba laifin Warrina ba ne, domin a Paris ma wasan rana haka suke kiransa. Irin waɗannan Madam ba ta cika son tsayawa a kansu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Aka yi wasa lafiya. Mai fiyano ta yi tuntuɓe sau ɗaya, wani jariri ya taya su amshi, ba wanda ya damu. Madam tana layin baya cikin shuɗiyar rigarta, tana tattalin murya, rabin waƙoƙin ma baki kawai take motsawa. Noeleen ta fito, ta tura jirgin ruwanta cikin teku, ta bi shi da baiti shida har ya nitse. Aka ɗauki tafi. Madam ta share tafin hannunta a jikin riga, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana shirin saukowa.

Sai Des ya miƙe a layi na uku, ya ɗaga hula sama kamar mai ba jirgi hannu.

"*Bis*!"

Zaure ya amsa gaba ɗaya. "*Bis! Bis! Bis!*" Tsofaffin sojoji suna buga sanduna a ƙasa, Col ya kewaye baki da hannuwa. Madam ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Shekara arba'in tana shuka a kan dutse, ashe irin ya tsira. Ta dubi Des, ta ga yana washe baki kamar wanda ya ci gasar kabewa, ta gane inda ya yini ranar Juma'a.

Lyle ya juyo, ya dafe ƙirji yadda aka saba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, kun ba ni mamaki," in ji shi. "Ban san garinmu ya waye haka ba. To, Madam ta koya mana cewa *bis* sau biyu yake nufi, ba ƙari ba ragi, kuma kalma abin da ta ce shi take nufi. Tunda sau biyu kuka nema, sau biyu za ku samu. Noeleen, dawo da jirgin nan."

Noeleen ko kunyar nuna mamaki ba ta yi ba. Ta riga ta cika ƙirji da iska. Mai fiyano ta koma shafin farko.

Madam ta mayar da ƙafarta inda ta ɗauko ta. Kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yanka ta. Ta tsaya tana jin jirgin yana sake barin gaɓa, baiti na ɗaya, baiti na biyu, fanka tana juyawa a kanta, gumi yana bin bayanta. A layin gaba ta ji wata tsohuwa tana raɗa wa ƙawarta da muryar da ta isa ƙofa, "Ke, ko *déjà vu* nake yi ne?" Kalmar tana nufin an riga an gani, ana kuma faɗinta in mutum ya ji kamar ya taɓa ganin abin da bai taɓa gani ba. In da wata rana ce, da Madam ta aje wannan a ranta har wurin shayi, ta gaya wa tsohuwar cewa ba ji take yi ba, da idonta ta gani ɗazu. Yau ko ɗigon ƙarfin gyara babu a jikinta.

A baiti na huɗu ta matso ta gefen mawaƙa har ta iso kusa da Lyle, wanda yake kaɗa hannu ido a lumshe kamar waliyyi.

"Lyle," ta ce ƙasa-ƙasa. "Lyle! Kada ka raina min hankali. A Faransa in an ce *bis*, mai waƙa yana iya kawo wata sabuwa. Ita ma waƙar ƙarin *bis* ake kiranta."

Lyle bai buɗe ido ba. "Haba, Madam? Amma kin ce sau biyu."

"Asalinta ke nan. Amfani da ita daban."

"Au, ashe ku ma kun ara daga Latin kun lanƙwasa kamar waya?" Ya ba masu babbar murya hannu su shigo. "Ni dai mutumin gindin buhu ne, Madam, abin da aka koya min shi na sani. Waƙar ƙari a Warrina sunanta ɗaya, kuma ban ji an kira ta ba."

Jirgi ya nitse karo na biyu. Aka yi tafi, amma wannan karon tafin masu duban tukunyar shayi ne. Des yana ta waige-waige, ya ga matarsa ba ta rera ba, bai kuma ji bayanin Lyle ba tun farko. A ganinsa ƙarfin ihun ne bai isa ba. Ya sake miƙewa ya ɗaga hula, ya buɗe baki.

Madam ta ga bakin yana haɗuwa zai fitar da *bis* na biyu. Ta ga Noeleen tana sake shaƙar iska. Ta ga matan kwamiti sun fara yaye raga daga kan kek, wasu 'yan baya sun miƙe suna laluben makullin mota. In jirgin nan ya tashi karo na uku, ba wanda zai rage a zaure sai kujeru. In kuma bai tashi ba, Lyle zai rufe takardu, waƙar mahaifiyarta ta bi akwatuna zuwa Brisbane ba wanda ya ji ta sai injin wanki.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Madam ta ratsa ta gaban Noeleen, ta tsaya a bakin dandamali, ta kewaye baki da hannuwa yadda Col yake yi, ta ja kalmar ta hanci, ta shimfiɗa ta fal-fal kamar wadda aka haifa a gonar rake.

"Onkooo!"

Zaure ya yi tsit. Hular Des ta tsaya a sama. Wata mata a baya ta saki cokali, aka ji ƙararsa har dandamali. Ba wanda ya taɓa ganin mawaƙi ya nema wa kansa ƙari, balle wannan mawaƙiyar, balle da wannan kalmar.

Col mahauci ne ya fara farfaɗowa. Ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan rigarsa, ya karkata kai gefe yadda take yi, ya siranta murya.

"Har yanzu me, Madam?"

Dariya ta fashe kamar an ɓalle madatsar ruwa. Tsofaffin sojoji suna share hawaye, mai fiyano ta kifa kai a kan fiyano, har fasto ya ɓoye fuska a bayan takardar shiri. Madam ta tsaya ta sha, kunnuwanta sun yi ja. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma ta san bashin dariyar nan ya daɗe a kanta. Ta bari sai da ta lafa.

"Har yanzu ban rera ba, Col," in ji ta. "Kuma har yanzu yatsanka yana kan sikeli. Za ku nema ko sai na sake nema wa kaina?"

"Onko!" in ji Col da dukkan ƙarfinsa. Zaure ya ɗauka, da murnar mutanen da aka sako daga takunkumi. "Onko! Onko!" Des ya dubi hagu ya dubi dama a firgice, ya fara nuna mutane da yatsa yana cewa zai gamu da su, sai da na kusa da shi ya ja shi ya yi masa ihu a kunnen da ke aiki. Ya dubi matarsa, ta gyaɗa masa kai. Ya buɗe baki ya saki kalmar da ya shekara arba'in yana riƙe da ita a ciki, har jijiyar wuyansa ta fito.

Lyle ya juyo ya dafe ƙirji. Wannan karon sai da ya ɗan rusuna mata.

"Kai, jama'a, ba mu shirya komai ba," in ji shi. "Amma bari mu ga ko Madam tana da wani abu."

Ta rera. 'Yar waƙa ce gajeruwa, ta uwa mai gaya wa ɗanta ya yi barci, iska ce kawai take taɓa rufi. Ba wanda ya fahimci kalma ɗaya a ciki sai ita, kuma ba wanda ya motsa. A wurin da muryar take rawa ta yi rawa, har ta tsage kaɗan, sai ga wata murya daga baya ta tallafe ta a hankali ta haye da ita. Noeleen ce, da bakinta a rufe, tana gunji ƙasa-ƙasa, abin da ba a taɓa sanin ta iya ba.

Da ta gama aka yi tafi mai tsawo, sannan aka shiga ruɗu. Wasu suna cewa onko, tsofaffin sojoji da suka sha wahalar gwaji suna cewa *bis*, matar fasto kuma ta ce da Turancinta tsantsa a sake kawai, don Allah. Lyle ya duba takardunsa, ya matso kusa da ita.

"Madam, waƙar ƙari ɗaya muka shirya. Ba mu da wata."

"To me kake jira? A maimaita ta."

"Sau biyu ke nan."

"Na iya lissafi, Gindin Buhu. Ba mai fiyano hannu."

Ta sake rera ta daga farko, wannan karon muryar ba ta tsage ba. Shayi ya huce a tukunya, ƙudaje suka samu rabonsu na kek.

A wurin shayin Noeleen ta miƙo mata kofi, tana fifita da takardar shiri.

"Ni biyu, ke biyu," in ji Noeleen. "Ba wadda ta ci wata."

"Naki jirgin sau biyu ya nitse," in ji Madam. "Nawa yaron sau biyu ya yi barci. Zuba min madara."

Des ya iso da kek a hannu biyu, yana ta haƙi.

"'Yar Numeya, gaya min gaskiya, don in san abin da zan faɗa a Brisbane. Wanne ne daidai?"

Madam ta karɓi kek ɗaya, ta gutsura, ta tauna a hankali tana duban tsohuwar nan mai *déjà vu*, wadda take ƙoƙarin sulalewa ta ƙofar gefe.

"Ci kek ɗinka, Des," in ji ta. "Riƙe min kofin nan, akwai wadda nake son gani kafin ta fita."